Waƙar da Na Rubuta wa Malam, Ba Fure Ba Zuciya

Macen da ta haura shekara 30 a ɗakin mijinta, in ta ce za ta rubuta masa waƙar so, abin da za ta fara karo da shi shi ne kalmomin da ke kusa da hannu duk na 'yan mata da samari ne. Masoyi, rabin raina, tauraron zuciyata, furen wardi, zuma da madara. Littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano tun daga shekarun 1980 da su suka yi ado, waƙoƙin fina-finai suka ɗora a kai, yanzu kuma waya ta zo da jan hoton zuciya da ake aika wa kowa. Ban raina su ba, suna da lokacinsu, kuma yarinyar da ake zuwa zance wurinta tana da haƙƙin ta ji su. Amma ni da Malam mun aurar da 'ya'ya, mun ga jikoki. Bai taɓa kawo mini fure ba, ban kuma taɓa jira ba, don ba da shi muka san so ba a gidajen da muka tashi. Wardi ba ya cikin tsakar gidanmu. Abin da ke ciki tsamiya ce da randa da turken akuya.

Shi ya sa da na yi niyyar waƙar, lokacin da Malam yake shirin ajiye aiki, na kafa wa kaina sharaɗi biyu tun kafin in ɗauki biro: ba fure, ba kalmar zuciya. Na koyar da Hausa a makarantar 'yan mata shekaru masu yawa, na san ƙa'idojin rubutacciyar waƙa, na sa ɗalibai sun yanka baitocin manyan marubuta a kan allo. Rubuta tawa ga mutumin da nake kwana nake tashi da shi wani aiki ne daban.

Da na rufe waccan ƙofar, sai na tarar da wasu hanyoyi biyu da harshenmu ya saba bi in za a yabi namiji, kuma duk biyun ba su kai ni inda nake so ba. Ta farko hanyar maroƙa ce: sadauki, giwa, bango madafar bayi, na wane jikan wane. Wannan kirari ne na fada da dandali, mai yin sa yana jiran a yi masa kyauta, kuma mai sauraro ya san an ƙara gishiri. In na ce wa Malam giwa, zai san ba muryata ba ce. Ta biyu ta fi ta farko haɗari don ta fi kama da gaskiya, wato jera halaye: mai haƙuri, mai kyauta, mai zumunci, mai tsoron Allah. Duk yana da su, na shaida. Sai dai a al'adar waƙarmu, wurin da aka fi jera halayen mutum haka shi ne marsiyya. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo waƙa mai ambaton kyawawan halayensa, amma bayan ya riga ta gidan gaskiya ne. Na gwada baiti biyu a wannan salo, na rera su a ɗaki, jikina ya yi sanyi, don ji na yi kamar ina zaman makoki alhali mutumin yana zaure yana sauraron rediyo.

A nan na gane inda bakin zaren yake. Siffa ita ce ke mayar da waƙa ta kowa ko ta mamaci. Aikatau kuwa yana riƙe mutum a raye, yana kuma ware shi daga sauran maza. In na ce mai tausayi ne, mata dubu za su ce nasu ma haka. In na faɗi abin da hannunsa ya yi a wani dare sananne, ni kaɗai ke da wannan.

Don haka na ajiye maganar baiti gaba ɗaya, na ɗauki ƙaramin littafin rubutu na ajiye a madafa. Duk abin da na tuna Malam ya yi ko yake yi, sai in rubuta shi da maganar yau da kullum, ba ado. Na hana kaina rubuta yadda nake ji, sai abin da ido ya gani ko kunne ya ji. Tarin da yake yi a zaure kafin ya yi sallama. Butar alwala da nake samu da ruwan zafi lokacin hunturu, ya kuma ƙi yarda shi ya ɗora. Yadda yake cire ƙashin kifi ya tura mini tsokar gefena ba tare da ya dube ni ba. Daren da aka kwantar da ni a ɗakin mata na asibiti, ba a barin maza ciki, ya shimfiɗa tabarma a rumfar masu jinya ya kwana a can. Naman miya da yake aikowa da hantsi duk ranar da muka kwana da fushi. Shafuka suka cika. Wannan matakin ya fi kowanne daɗewa, kuma shi na fi jin daɗinsa, don abubuwa da yawa da na ɗauka kamar iskar da ake shaƙa sai ga su a rubuce, kowanne da ranarsa.

Daga nan sai tankaɗe. Kowane abu na yi masa tambaya ɗaya: in an karanta wannan a gaban matan unguwarmu ba a faɗi suna ba, 'yar'uwata za ta gane Malam ake nufi? Wanda ya ci wannan jarrabawa na bar shi. Akwai kuma waɗanda suka ci amma na cire da gangan. Sirrin ɗaki ba ya shiga takarda, don takarda tana iya faɗawa hannun jika. Rashin da muka yi na yarinya tun tana goye shi ma na bar shi waje. Yana cikin abin da ya ɗaure mu, amma nauyinsa zai rinjayi duk sauran baitocin, waƙar ta koma ta ta'aziyya.

Sai maganar suna. Ban taɓa kiran sunan Malam da bakina ba, kamar yadda uwata ba ta kira na mahaifina ba, kuma ba zan fara a waƙa ba. Ba na iya cewa Baban wane ma, don wanen ɗan fari ne. Na yi tunanin wannan kunya za ta takura ni, sai ta zama taimako. Na rubuta waƙar kai tsaye gare shi, da "ka" da "kakan" da "kana", ba suna ba laƙabi. Wanda ake yi wa magana ido da ido ba ya bukatar a kira sunansa.

Yanzu ga sassaƙar kanta. Na zaɓi ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango ko layi biyu, amsa-amo yana faɗuwa a ƙarshen ɗango na biyu. Ƙwar biyar tana da kwarjini, amma tana tilasta wa marubuci ya cika ɗango biyar a kan abu ɗaya, kuma a nan ne ake fara cusa zuma da taurari don cike gurbi. Ƙwar biyu ta dace da abin da ke hannuna: ɗango na farko ya kawo abin da ya faru, na biyu ya juya shi.

Karin da na hau shi ne Mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwa 16 na arulin Larabci, ilimin auna waƙa da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya assasa a ƙarni na 8, wanda malamanmu suka daɗe suna ɗora waƙar Hausa a kai. Ƙafarsa ita ce fa'ulun: gaɓa ɗaya marar nauyi, sai biyu masu nauyi. Ana jera ƙafa huɗu a ɗango, ta ƙarshe kuma ana iya datse ta ta zama gaɓa biyu. Gaɓa marar nauyi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar "da" ko "ci" na cikin. Mai nauyi ita ce wadda wasalinta yake da tsawo, kamar "ta" na tari, ko mai tagwan wasali kamar "zau", ko wadda baƙi ya rufe ta kamar "kin". Wahalar ita ce rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, don haka ido ba zai taimake ki ba, sai kin furta da baki kin saurara. Na zaɓi wannan kari ne don tafiyarsa a natse take, ba gudu ba tsalle, kuma kalmomin gida da yawa suna zama a kansa daidai ba tare da an lanƙwasa su ba. Ki furta tabarma, katanga, tukunya, kujera, za ki ji kowacce ƙafa ɗaya ce cif.

Amsa-amon da na ɗauka shi ne "ya", saboda yalwar kalmominsa: duniya, gaskiya, lafiya, dariya, godiya, miya, wuya. Amma duk wanda ya taɓa waƙa da wannan amsa-amo ya san wadda ke tsaye a sahun gaba tana jira. Ɗangon da ya fara zuwa bakina, ba tare da na neme shi ba, shi ne:

Masoyi, kana nan cikin zuciya.

Ki yanka shi ki gani: ma-so-yi, ka-na-nan, ci-kin-zu, ci-ya. Bai karye ko'ina ba, ya hau kari sumul, yana da daɗin rerawa. Illarsa ɗaya ce, ana iya aika shi ga kowane namiji a ƙasar Hausa yau da dare ba a canja ko harafi ba. Wannan ya koya mini cewa santsin ɗango ba shaidar ingancinsa ba ne. Kalmar da dubban mutane suka riga suka bi ta kanta dole ta yi santsi. Daga ranar, duk ɗangon da ya zo mini da sauƙi fiye da kima, sai in tsaya in tambaye shi daga ina ya fito.

Na koma littafin madafa na ɗauko tarin zaure. A rubuce yake haka: "Ko cikin mutane goma ya yi tari a zaure na san shi ne." Na yi ta juya shi a baki ina wanke-wanke har ya zauna:

Ina gane tarinka tun can a zaure,
Cikin masu tari na duk duniya.

Ba kalmar so a ciki ko ɗaya, amma ba wadda za ta iya faɗin wannan sai wadda ta yi shekaru tana kasa kunne ga dawowar mutum ɗaya. Da wannan baiti ya fito na san hanyar ta ɓulle. Na buta ya biyo baya ba da jimawa ba:

Da sanyi nakan iske buta da zafi,
Idan na yi zancen, ka sa dariya.

A nan na so in ƙara cewa shi ne yake tashi ya hura gawayi tun kafin kiran assalatu. Na bar shi, don dariyar ta riga ta tona shi, kuma mai sauraro ya fi jin daɗin abin da ya gano da kansa.

Baitin asibiti shi ya fi ba ni aiki, kuma shi zan nuna dalla-dalla don a ga yadda ake gane ɗango mai ɗingishi. Kalmar asibiti kanta ta ƙi shiga, domin gaɓoɓinta huɗu duk marasa nauyi ne, a-si-bi-ti, Mutaƙarab kuwa ba ya ɗaukar marasa nauyi huɗu a jere. Sai na maye ta da jinya, wadda gaɓoɓinta biyu masu nauyi ne, ta kuma fi asibiti faɗin abin da ake ciki. Ɗango na farko ya samu: da-ren-nan, na-jin-ya, a-kan-'yar, ta-bar-ma. Na biyu na fara rubuta shi "Ka kwana a rumfa ina shan wuya". Da na rera, sai na ji harshena yana sauri a tsakanin "na" da "a", don gajeru biyu sun haɗu. Masana aruli sun yarda da wannan sassauci, ba karaya ba ce, kuma na bar irinsa a wani wuri. Amma a wannan baiti ina son tafiyar ta yi nauyi kamar yadda daren ya yi. Hausa tana da gajeriyar siffar aikatau ɗin, "kwan", wadda ake ji a "mu kwan lafiya". Da na sa ta, gurbin gaɓa ɗaya ya buɗe, na cike shi da "can", sai ga shi ta kawo nisan da ke tsakanina da shi a daren:

Daren nan na jinya, a kan 'yar tabarma,
Ka kwan can a rumfa ina shan wuya.

Hanyar gwajin da nake bi ba ta da wuya. Ina rera ɗangon da murya ɗaya da na saba, ina buga yatsa a gefen tire. Duk inda na ji dole in ja wasalin da ba a ja a magana, ko in haɗiye wanda ake ja, to nan ne ciwon yake. Ba a gyara shi da jan murya, kalmar ake canjawa.

Akwai baitin da na yi ta shawara da kaina kafin in sa shi, wato na faɗa. Aminiyata, wadda muka yi koyarwa tare, ita kaɗai na karanta wa waƙar kafin ta kammala. Da ta ji shi sai ta ce, "Haba Malama, waƙar so ce fa, me ya kawo fushi ciki?" Na ce mata, "Yaya, in na cire shi, wa zai yarda da sauran?" Har yanzu ina kan wannan ra'ayi. Zo mu zauna, zo mu saɓa, kowa ya san haka, Malam kuma ya fi kowa sanin ranakun da muka yi ba ma ga maciji. Waƙar da ta ce ba mu taɓa saɓawa ba za ta zama ta wasu mutane da bai sani ba. Abin da na kiyaye shi ne kada baitin ya zama ƙorafi a fakaice. Ban faɗi dalilin faɗan ba, ban ce wa ke da laifi ba, na sa "mun" don mu raba nauyin daidai, ɗango na biyu kuma na ba shi:

Faɗa mun yi, har mun yi kwanan fushi ma,
Da hantsi ka aiko da naman miya.

Duk matar da ta zauna da Bahaushen miji na zamanin Malam ta san abin da wannan naman yake cewa. Ba kowane namiji ne bakinsa yake iya furta a yi haƙuri ba, amma yaron mahauci yana iya kawo saƙon a leda.

Da baitocin tsakiya suka taru, sai na waiwayi farko da ƙarshe. Rubutacciyar waƙarmu da sunan Allah take buɗewa, salati ya biyo, ban ga dalilin da zai sa waƙar miji ta fita daga wannan tsari ba, tunda auren ma da Fatiha aka ɗaura shi. Na dai so buɗewar ta yi wa sauran waƙar aiki, kada ta zama ƙofar da ake wucewa kawai:

Da sunan Ilahi nake fara zance,
Gwani wanda bai son a bar gaskiya.

Wajen jera baitocin ban bi shekaru ba. Na fara da ƙananan abubuwan kullum, tari da buta da kifi, sannan na shiga masu nauyi, jinya da faɗa, don kunne ya saba da muryar kafin a ɗora masa kaya. Tsufa na ajiye kusa da ƙarshe, kuma shi kaɗai ne baitin da na sa kaina daidai da shi a ɗango ɗaya:

Ina nan ka tsufa, kana nan na tsufa,
Ragowar, Ta'ala ya sa lafiya.

Marubutanmu sukan sa hannu a baitin ƙarshe, su faɗi sunansu ko su ɓoye shi a cikin haruffa. Tunda na ɓoye nasa, ban ga kyawun bayyana nawa ba:

Idan za a ce wa ya tsara ta, amsa:
Uwar ɗanka ce, mai yawan godiya.

Waƙar ta tsaya a baiti 12. Ina da abin da zai kai 30, amma na lura bayan na 12 na fara maimaita ma'ana ɗaya da kaya daban, kuma kalmomin amsa-amon da suka rage, irin su rijiya da tsintsiya da rariya, sai na ƙirƙiro musu labari kafin su shiga. Lokacin da amsa-amo ya fara zaɓar miki abin da za ki faɗa, maimakon ke ki zaɓe shi, waƙar ta ƙare ko ba ki sani ba. Na kuma tabbatar ba kalmar amsa-amon da ta fito sau biyu.

Saura isarwa. 'Yata ta biyu ta so a buga ta a kati mai ado a karanta a walimar ajiye aiki, gaban abokansa da surukai. Na ƙi. Malam mutum ne mai kara, in aka karanta maganar butar alwala a gaban jama'a zai ji an buɗe masa ɗaki, abin da aka yi don a faranta masa ya koma abin sunkuyar da kai. Ta waya ma ban aika ba, don saƙon waya yana da ƙafa. Na kwafe ta da hannuna a farar takarda, na kula da ƙugiyar kowace ɗ da ƙ da ɓ, na bar sarari tsakanin baiti da baiti. Bayan sallar isha'i, da ya gama cin tuwo, na ce, "Malam, ina da wani karatu da nake so ka saurara." Na rera masa ita da murya ƙasa-ƙasa, da karin da na gina ta a kai, don waƙar da aka auna da kunne ba ta cika sai an ji ta.

Bai katse ni ba. A baitin buta ya yi dariyar nan tasa, daidai yadda ɗangon ya ce. Da na kai ƙarshe ya ce, "Allah ya yi miki albarka, Hajiya. Maimaita mini na rumfar nan." Na maimaita. Ya ce shi bai san na san a rumfa ya kwana ba, don washegari ce mini ya yi gida ya koma. Na gaya masa wata mai shara ce ta faɗa mini tun a lokacin. Sannan ya karɓi takardar, ya sa tabarau, ya bi ta baiti baiti da yatsa, ya tambaye ni me ya sa na ce "kwan" ban ce "kwana" ba, muka zauna ina yanka masa ɗangon gaɓa gaɓa a bayan ambulan.